Ka fara da gindin takarda: abin da aikin ɗakin hoto a Kumasi ya koya mini

Yanzu da nake ajiye aiki a sashen hoto na asibiti, abin da zan bar wa ƙannena masu miƙa ambulan shi ne yadda ake karanta takardar sakamako. Mutanenmu na Aboabo da Asawase suna buɗe ta ne a cikin mota kafin su ga likita, su ba ɗan makaranta ya karanta daga sama, ya ci karo da kalma ɗaya mai ban tsoro, gida ya kwana da kuka. Alhali wurin farawa shi ne ƙasa, inda aka rubuta `Impression` ko `Conclusion`. Dogon sashen `Findings` lissafin duk abin da ido ya gani ne, mai lafiya da mara lafiya. Na ƙasan kuwa hukuncin likitan hoto ne: me ya samu, yaya tabbacinsa, me za a yi gaba.

A ce Hajiya mai shekara 52 ta zo da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, an yi mata sikan na ciki bayan ta yi awa shida ba ta ci komai ba. Ga gindin takardarta:

```
1. Cholelithiasis. No evidence of acute cholecystitis.
2. Simple right renal cyst, 2.1 cm.
3. Solid liver lesion, 1.8 cm, indeterminate.
   Recommend contrast CT or MRI.
```

Layin farko amsar tambayar likitan da ya turo ta ne. Akwai tsakuwa a matsarmama, amma ba ta kumbura ba. In an koma sama za a ga dalili: kaurin bangonta bai wuce milimita 3 ba, babu ruwa a gefenta, kuma da aka danna wurin da kan na'ura Hajiya ba ta zabura ba. Wannan maganar ganin likitan tiyata ce a tsanake, sai fa in zazzaɓi ya zo, ko amai, ko ido ya yi rawaya.

Layi na biyu ne yake tayar da hankalin gida, domin an ambaci ƙoda. Shi ne kuma mafi sauƙi. Ƙullutu ne mai ruwa zalla da siririn bango, ya yawaita ga waɗanda suka haura hamsin, ba ya bukatar magani.

Kuskure mai ciwo yana layi na uku. Mai karatu ya ga kalmar "babu" a layin farko, an kwantar masa da hankali a kan ƙoda, sai ya ninke takarda ya ce, "Mma, lafiya lau ce." Amma `indeterminate` ma'anarsa sikan ya ga tsiro a hanta, ya kasa faɗin ko mene ne. Sau da yawa irin wannan ɗan curin jijiyoyin jini ne mara cutarwa. To amma a ƙasar nan ciwon hanta nau'in B ya yi yawa, kuma ga mai ɗauke da shi, tsiro mai wannan girma ba a barinsa, domin yana iya zama farkon ciwon daji, lokacin da cire shi yake yiwuwa. Shi ya sa ake neman hoton da ake sa ruwan allura a jijiya, a ga yadda jini ke shiga tsiron yana fita, likita kuma ya haɗa da gwajin jini na hanta. Kuɗin hoton yana da nauyi, na sani, amma a bar likita ya yanke jinkirin, ba aljihun durowa ba.

An saba koya wa sababbi cewa abu mafi muhimmanci ne ke zuwa a lamba ta ɗaya. Ba kullum ba. Wasu likitocin amsar tambaya suke sawa a gaba, su bar abin da aka tsinta a hanya can ƙarshe. Don haka a karanta har layin ƙarshe, a nemi kalmar `Recommend`, a ja mata layi da biro.

Akwai manya da suke cewa namu miƙa ambulan ne kawai, baki a rufe. Gaskiya ne ba mu ke faɗin cuta ba. Amma babu dokar da ta hana a ce, "Hajiya, likitan hoto ya nemi a ƙara wani hoto, ki kai wannan wa likitanki cikin makon nan." Waɗanda suka hana mu faɗin haka ba su ne suke ganin mutum ya dawo bayan shekara da kumburarren ciki ba.

Sauran ƙanana ne. A duba suna da kwanan wata, domin ambulan kan haɗu. In takarda ta ce dama alhali hagu ke ciwo, a komo a tambaya. Mai tura hoton takarda wa ɗa a waje ta waya ya ɗauki shafi na biyu ma, can hukuncin yakan faɗa. Tsofaffin hotuna kuma a zo da su, don tsiron da bai ƙaru ba cikin shekara biyu maganarsa daban da wanda aka gani yau.