Inda aikin gadon ya tsaya: awo, zane da ciniki a Panteka

'Yan'uwa masu koyon sana'ar katako, aikin gadon da ake haɗa mini ya kai matakin yanka. An gama awo, an yi zane, mun daidaita da kafintan da nake koyo a wurinsa a Tsohuwar Panteka da ke Kaduna, kuma katako na nan a jere a inuwa yana shan iska. Yau zan tsaya ne a kan abin da ya gabaci zarto, domin a nan ake gyara gado, a nan kuma ake ɓata shi.

Daga katifa ake fara awo. Idan ka je wurin kafinta ka ce masa “a yi mini shida-shida”, ba ka ba shi awo ba, suna kawai ka ba shi. Ƙafa shida inci 72 ne, amma yawancin katifun kamfani da ake sayarwa a Kasuwar Barci da sauran shagunan gari tsawonsu inci 75 ne, faɗin ne yake 72. Duk wanda ya yanka cikin gado 72 da 72, to katifa za ta ƙi shiga, ko a danna ta da ƙarfi tsakiyarta ta yi tozo. Tawa na ɗora mata tef ta kowane gefe: tsawo 75, faɗi 72, kauri 10. Malam ya ce a bar mata rarar inci ɗaya a tsawo, ɗaya a faɗi, don hannu ya samu wurin cusa zanin gado. Saboda haka cikin gadon ya zama 76 da 73. Idan rarar ta wuce haka, katifa za ta riƙa zamewa, ƙura da ƙananan kaya su riƙa faɗawa ta gefe.

Tambayar da Malam ya fara yi mini da na karanto masa lambobin ita ce: “Wannan awon ciki ne ko na waje?” Ku riƙe wannan tambaya. Mai gado yakan zo da awon katifa, wato na ciki, kafinta kuma ya ɗauka girman gadon ne gaba ɗaya, ya cire kaurin katako daga ciki. Katakan gefe biyu, kowanne inci ɗaya, sun cinye inci biyu ke nan, katifa ta rasa wurin zama, alhali kowa na ganin shi ke da gaskiya. A takardarmu kowace lamba an rubuta “ciki” ko “waje” a gabanta. Faɗin waje ya tashi kusan 75, fuskar gadon kuma 78, don ta ɗan leƙo ta kowane gefe.

Tsayi ma daga katifar yake fitowa. Ina son idan mutum ya zauna a bakin gado tafin ƙafarsa ya taka ƙasa, wato wajen inci 22 daga daɓe zuwa saman katifa. Cire kaurinta 10, saura 12, a nan shimfiɗar katako za ta tsaya. Katakon gefe zai hau inci biyu kacal a jikin katifa, ya riƙe ta ba tare da ya riƙa cizon bayan gwiwa ba.

Sai ƙofar ɗaki. Wannan ba ta ɗauke mu lokaci ba: gado mai faɗin inci 75 ba ya shiga ƙofa a haɗe, balle ya juya a lungun falo. Muka tsayar za a haɗa gefuna da fuska da noti, ba gam da ƙusa ba, yadda za a kwance shi a ɗaura a cikin ɗaki, ranar tashi daga gidan haya kuma a sake kwancewa.

Inda muka fi daɗewa shi ne ƙarƙashin katifa, wurin da mai saye ba ya dubawa. Faɗin inci 73 ya yi wa siririn katako yawa idan ba shi da madogara a tsakiya. Zai lanƙwashe, katifa ta yi kwari, a kuma ɗora laifin a kan katifar. Don haka za a sa katako mai inci biyu da huɗu a tsakiya, daga kai zuwa ƙafa, a kafa shi ta gefensa ba a kwance ba, da ƙafafu biyu nasa na kansa. A kansa za a jera falankai 13, kowanne faɗin inci uku, da tazarar inci uku a tsakaninsu. Ku lissafa: 13 sau uku 39, tazara 12 sau uku 36, jimla 75, ya cike tsawon katifar. Na so a shimfiɗa filawud saboda ya fi sauri, amma fallensa ƙafa huɗu ne da takwas, guda ɗaya ba zai rufe faɗin ba sai an yi ƙari, ga shi yana hana katifa shan iska da damina. Na koma kan falankai, kuma ina ganin ya fi.

Wajen zaɓen katako, madaci muka ɗauka don gefuna da ƙafafu, mai rahusa kuma ya tafi falankai. Amma sunan ice bai kai bushewarsa muhimmanci ba. Katakon da aka saya a ƙarshen damina yakan zo da ruwa a jikinsa. Idan aka haɗa shi haka, hunturun Kaduna na shigowa sai ya tsuke, mahaɗa ta saki, gado ya fara ƙara, wani lokaci fuskar ta tsage. Ana gane ɗanye da nauyinsa, da sanyin da yake yi a tafin hannu, da garinsa da ke dunƙulewa yana manne wa zarto. Malam ya kuma nuna mini ƙananan huji masu zubar da gari kamar fulawa: ƙwaro ne a ciki, irin wannan ko kyauta aka ba ka kada ka kai shi gida. Namu an jera shi da 'yan sanduna tsakanin kowane falanki don iska ta ratsa. A tuna kuma, falankin da ake kira inci ɗaya yana raguwa idan ya bi ta injin gogewa, don haka a faɗi kaurin da ake so bayan guga.

Da muka zo ciniki, na roƙi a raba kuɗin katako da ladan aiki, kowanne da lambarsa. Da farko Malam ya ce albarka, muka ja kaɗan, muka daidaita. Na biya kuɗin kaya a matsayin kafin alƙalami, ladan aiki kuma sai an ɗaura gadon a ɗaki an sa katifa. A bayan zanen aka rubuta irin katako, launin fenti, ranar kawowa, da wanda zai biya mai Keke Napep ko mota. Kowa ya riƙe kwafi. Malam bai ɗauki wannan a matsayin rashin yarda ba, shi da kansa ya ƙara cewa duk canjin da na kawo bayan an yanka, kuɗinsa a kaina yake, kuma gaskiyarsa ce.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za a yanka gefuna a haɗa su ba tare da an ɗaure noti sosai ba. Aikina a ranar shi ne auna kusurwa zuwa kusurwa ta ciki, hagu da dama. Da 76 da 73, kowanne ya kamata ya ba da inci 105 da ɗan ɗoriya, ƙasa da rabin inci. Idan biyun suka sha bamban, gadon ya karkace, sai a tura doguwar kusurwar har su zo daidai kafin a ɗaure.