Me ya sa shafuka ke zargin adireshin saba amma su ƙyale na layin waya

Na kama hayar wata ƙaramar saba, wato VPS, a Frankfurt na ɗora mata manhajar VPN mai suna WireGuard, saboda yaran shagonmu a Farm Centre su riƙa shiga manhajar lissafin kaya ta hanya mai tsaro. Komai ya hau lafiya lau, amma da zarar an kunna VPN ɗin sai shafuka su fara tsiya, wannan ya ce danna hotunan da ke da fitilar hanya, wancan ya jefo maka `403 Forbidden`, wani ma ya ƙi karɓar katin banki. Ka kashe ka koma data ta waya, komai ya buɗe nan take. Waya ɗaya, burauza ɗaya, adireshin IP ne kawai ya canza.

Da farko na ɗauka wanda ya riƙe adireshin kafin ni ne ya yi ɓarna da shi, don ana juya su ne daga hannu zuwa hannu. Na duba a AbuseIPDB, inda masu saba ke kai ƙarar adireshin da ya dame su, na duba a Spamhaus masu ajiye jerin adireshin da ke aika imel na banza, duk babu komai a kansa. Sai na buga wannan, da VPN a kunne da kuma a kashe:

```
curl ipinfo.io/org
```

A kashe ya nuna min AS29465, lambar MTN Najeriya ke nan. A kunne kuwa lambar kamfanin da na yi haya wajensa ce ta fito. To nan gizo ke saƙar. Kowane adireshi yana ƙarƙashin wata lamba da ake kira ASN wadda ke nuna mai netwok ɗin, kuma ba sirri ba ne, kowa zai iya dubawa, Amazon ma da kansu suke wallafa jerin nasu a `ip-ranges.json`. Kamfanoni irin su MaxMind da IPinfo suna tattara wannan su sayar, su ce wannan na gida ne, wannan na layin waya, wannan na ɗakin sabobi. Tun kafin shafi ya ga me ka zo yi ya riga ya san daga wace unguwa ka fito.

Ba kuma wannan kaɗai ake aunawa ba. Ana duba tarihin adireshin, da na maƙwabtansa, sau da yawa rukunin `/24` gaba ɗaya wato adireshi 256, da yawan buƙatun da kake turawa a minti, da ko ƙasar adireshin ta dace da agogon na'urarka da katinka. Ni ga agogon Kano, ga katin naira, ga adireshin Jamus, ai dole a ɗaga gira. Sai a haɗa su a fitar da maki, Cloudflare masu tsaron shafuka misali suna ba kowace buƙata maki daga 1 zuwa 99, ƙasa na nufin kamar inji ne, mai shafin ne kuma zai zaɓi inda zai ja layi.

Dalilin tsananin kuwa lissafi ne na ɗan kasuwa, kuma gaskiya ban ga laifinsu ba duk da na ji haushi. Adireshin saba arha ne, da 'yan daloli mutum zai kunna injina da yawa ya gwada kalmomin sirri na sata, ya goge su ya ɗauki sababbin adireshi kafin la'asar. Kuma mutane ba sa zama a ɗakin saba suna sayen takalmi, don haka in mai shafi ya toshe rukunin duka kusan ba kwastoman da ya rasa. Layin waya fa? Kamfanonin waya na amfani da CGNAT, jama'a da yawa suna fita ta adireshi ɗaya, shi ya sa za ka ga wanda ke cikin saitin wayarka, wani lokaci mai farawa da `10.` ko `100.64.`, daban da wanda duniya ke gani. Toshe irin wannan kamar rufe ƙofar Kantin Kwari ne saboda ɓarawo ɗaya, shi ya sa ko ya yi datti sai dai a nuna maka CAPTCHA, irin gwajin danna hotunan nan, ko a rage maka gudu.

Canza adireshi a kamfani ɗaya bai taimaka ba, tunda ASN ɗin na nan. Abin da ya yi aiki shi ne na gyara `AllowedIPs` a WireGuard ɗin wayoyinmu, wato jerin adireshin da za a bi ta VPN zuwa gare su, na cire `0.0.0.0/0` na bar adireshin ciki na sabar kawai, sai lissafin shago ya bi ta VPN, sauran lilo ya bi layin waya kai tsaye.

Amma fa kar a ɗauka na gida ne ke cin riba ko'ina. A wajen tura imel kai tsaye abin juyawa yake, Spamhaus na da jerin PBL na adireshin gida da na waya waɗanda bai kamata su riƙa aika imel da kansu ba, can sabar da ke da tsayayyen adireshi da `PTR` daidai, wato rajistar da ke haɗa adireshi da sunan saba, ita ake saurara.