Dubu 14 ɗin da na je nema a banki

Ƙannena, shekaru na yi ina karɓar takardar bayanin asusu, idona bai taɓa wuce layin ƙarshe ba. Ranar da na fara zama na yi lissafin kuwa, kunya na sha.

Ƙa'idar ba ta da wuya: balas ɗin buɗewa, a haɗa da duk abin da ya shigo, a cire duk abin da ya fita, dole a sauka a kan balas ɗin rufewa. Ko ɗigo bai kamata ya rage ba.

Tawa takardar ta buɗe da 84,500. Na tara shigarwa na samu 142,000, fitarwa kuma 123,300, lissafi ya ba ni 103,200. Amma banki ya rubuta 89,200. Dubu 14 sun yi ɓatan dabo! Ban sake dubawa ba, na tafi da zafina. Ma'aikaciyar ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Malam, raba gibin biyu." Na raba, 7,000. Ta ɗora yatsa a kan wani layi: 7,000 ne cif, a ƙarƙashin Debit, wato ɓangaren fitarwa, ni kuwa na kwafe shi cikin shigarwa. Kuɗin da aka ajiye a ɓangaren da ba nasa ba sau biyu yake ɓata lissafi, don an ƙara shi inda bai dace ba, kuma ba a cire shi inda ya dace ba. Da na gyara, shigarwa ta koma 135,000, fitarwa 130,300, ga 89,200 ta fito sarai.

Tun daga nan, idan na ga gibi sai na fara tambayar gibin kansa. In ya yi daidai da kuɗin wani layi, to an tsallake layin ne ko an ƙirga shi sau biyu. In yana rabuwa da 9 ba saura, nakan zargi juyar da lambobi, kamar rubuta 4,500 maimakon 5,400. In duk wannan bai fisshe ni ba, sai na bi ginshiƙin Balance layi-layi, ina ƙarawa ina ragewa. Inda nawa ya fara saɓa wa nasu, nan ɓarakar take. Ƙananan cajin banki ne suka fi sulalewa a ido.

Ku kuma gwada balas ɗin buɗewa da na rufewar watan jiya. In ba su zo ɗaya ba, akwai kwanakin da ba su shiga kowace takarda ba, ko shafi ya ɓace. In wani ne ya miƙo muku takardar, mai yiwuwa ma an taɓa ta, sai ku nemi wata daga bankin kai tsaye.

Amma fa daidaituwar lissafi ba ta wanke kowane layi. Daga baya na gano cajin da aka cire mini sau biyu a rana guda, alhali lissafin watan ya tafi daidai, don duka biyun suna rubuce. Sai da na jera takardar da rasit-rasit ɗina na kama shi.