Gaisuwar da ta raba ni da Hajiya a Kantin Kwari

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina zaune a shagon yayana a Kantin Kwari, muna sayar da atamfa da leshi da shadda. Abin da nake taƙama da shi tun ina yaron shago shi ne ba na manta fuska, ba na manta abin da mutum ya saya. Mace za ta yi wata takwas ba ta leƙo ba, tana sako ƙafa zan gaya mata kalar da ta ɗauka da turmi nawa. Mutane suna jin daɗi, suna cewa yaron nan akwai kai. Ni ma na ɗauka iyakar sana'ar ke nan, sai da bakina ya jawo mana asarar da har yau in na tuna nake jin nauyi a ƙirji.

A ƙarshen 2022, bayan ambaliyar da ta shiga kasuwa da daminar shekarar, wata Hajiya ta zo haɗa lefen ƙanenta. Sau uku tana zuwa. Ta ɗauki atamfa turmi goma sha biyu, huɗu daga ciki Sufa ce, da leshi shida, da shaddar mata biyu. Mun saba sosai, har takan ce in zaɓa mata tunda na fi ta sanin abin da 'yan mata ke yayi. Daga nan ban sake ganinta ba sai watan Maris na 2023, ana saura kwanaki a fara azumi, lokacin da ake fama da ƙarancin takardun kuɗi, kasuwa ta yi sanyi, kowa ido yake zubawa ya ga mai shigowa. Da na hango ta tare da wata mata sai farin ciki ya kama ni. Tun ba ta zauna ba na ɗaga murya na ce, "Hajiya barka da zuwa! Ya amaryarmu? Ina fata atamfofin nan goma sha biyu na lefe sun yi mata, musamman Sufar nan mai ruwan goro."

Hajiya ba ta amsa ba. Ta gyara mayafinta, ta kai ido kan kayan da ke jere a bango. Matar da ke gefenta ce ta juyo ta ce, "Wace amaryar kuma?" Hajiya ta ce, "Ya rikita ni da wata ne." Ni kuma, maimakon in karɓi wannan igiyar da ta miƙo mini, sai na ce, "Haba Hajiya, ni zan manta ki? Ba ke ce kika zo sau uku ba?" Wannan maganar ta biyu ita ce ta fi ci mini rai. Ta farko kuskure ce. Ta biyu kuwa son a yaba mini ne, ina kare ƙwaƙwalwata alhali matar tana neman in rufa mata asiri. Suka ɗan taɓa kaya biyu, Hajiya ta ce bari su zagaya su dawo. Ba su dawo ba.

Bayan kwana biyu maƙwabcinmu na layi ya ba ni labari. Auren farko an fasa shi bayan an kai lefe, an dawo da akwatuna. Ƙanen nata ya samu wata yarinyar, kuma matar da suka zo tare ƙanwar mahaifiyar sabuwar amaryar ce, an zo da ita ta taya zaɓen ƙarin kaya da kuma ankon biki. Dangin yarinyar sun san an taɓa yi masa baiko, amma ba su san kayan da za a kawo musu su ne waɗanda aka dawo da su daga wani gida ba. Ni na sanar da su, a tsakiyar kasuwa, da lissafin turmi. Ankon nan, turmi tamanin, a wani shagon aka saye shi. Kuɗin ya yi mana ciwo a wannan lokacin, amma abin da ya hana ni barci shi ne tunanin irin maganganun da Hajiya ta sha a kaina, matar da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Yayana bai yi faɗa ba. Da daddare muna rufe shago ya ce, "Ƙanena, kayan da ta saya naka ne ka tuna, don a hannunka suka fita. Dalilin da ya sa ta saya nata ne, aro ta ba ka." Na daɗe ina juya wannan maganar. A sana'armu kusan duk ciniki mai nauyi da wani al'amari na gida yake tafe: lefe, suna, ƙarin aure, fitar takaba, kayan Sallar yara. Kuma al'amuran gida suna juyawa. Auren da aka saya wa kaya yana iya mutuwa, cikin da aka yi wa tanadi yana iya zubewa, mijin da ake yanka wa shadda duk Sallah yana iya rasuwa. Ni ina riƙe da labarin wata biyar da suka wuce kamar na jiya, alhali mai labarin ya wuce wurin tuni. Ɗanɗanon mutum kuwa ba ya saurin canzawa. Wadda ba ta son atamfa mai manyan zane bara, bana ma ba ta so.

Sai dai da farko gyaran nawa ya zarce. Na koma ina karɓar kowa kamar baƙo, sannu da zuwa, me za a ba ki, shi ke nan. Har wata dattijuwa da ta shekara shida tana saye a wurinmu ta kalle ni ta ce, "Ɗan nan, laifi na yi maka ne, ko ka manta ni?" Kunya ta kama ni. Wanda ya tsallake shaguna ɗari ya zo naka yana so ya ga ka san shi. Idan ka nuna ba ka gane shi ba, ka ba shi dalilin gwada maƙwabcinka.

Abin da na tsaya a kai yanzu, gaisuwarmu ta Hausa ce ta ba ni shi. Ina kwana, ya gida, ya iyali, ya hanya, kwana biyu. Duk tambayoyi ne masu faɗi, ba su kama sunan kowa ba, kuma "lafiya lau" ta ishe su amsa. Wanda yake son ya ba ka labari, a nan zai buɗe da kansa, ya ce ai an sha biki, ko ai yarinyar ta sauka. In ya buɗe sai in shiga, in yi barka ko in yi jaje. In ya tsaya a "lafiya lau, alhamdu lillahi", ni ma a nan nake tsayawa. Abin da nake ƙarawa don ya san na gane shi ɗan kaɗan ne: in kira shi da laƙabin da ya saba ji, in ce kwana biyu ba mu gan ki ba, in jawo kujera, in aika a kawo ruwa.

Kafin in ce komai game da tsohon ciniki kuma, sai na duba wa ke tsaye a gefensa. Da na yi wannan kallon na daƙiƙa biyu a ranar, da ba a yi abin da aka yi ba. Idan namiji ya shigo da matarsa, duk kayan matan da ya taɓa saya shi kaɗai ban san da su ba, ko da kuwa ina kyautata zaton ita ya kai wa, don ban tabbata ba. Idan mace ta zo da ƙawa ko facala ko dangin miji, ba na ambaton yawan abin da ta saya, ko kuɗinsa, balle ragowar bashi. Maganar bashi ba ta shiga gaisuwa ko mutum shi kaɗai ya zo. Sai an gama, in raka shi bakin layi, ko in kira shi a waya.

Tunawar da kanta na mayar da ita hannu, na raba ta da baki. Akwai wani Alhaji da ke zuwa daga Maraɗi sau biyu ko uku a shekara. Farar shadda yake ɗauka ko ruwan toka, yadi goma na babbar riga da 'yar ciki da wando, kuma ba ya son mai ƙyalli da yawa. Da can sai in tare shi da cewa wancan zuwan ka ɗauki kaza da kaza. Yanzu in mun gama gaisawa ya huta, sai in sauko da bandir biyu in shimfiɗa a gabansa in ce, "Alhaji, irin taka ta zo." Yakan yi murmushi ya shafa. Ya gane na tuna, wanda ya rako shi kuma bai ji komai ba face cewa Alhaji mutum ne da aka san zaɓinsa. In kuma wannan karon wani abu dabam ya kawo shi, sai ya ce a'a, yau na yara nake nema, ba wanda ya ji kunya. Littafin da nake rubutu a ciki ma na sauya masa tsari. Suna da gari, kala, irin yadi, adadin da yakan yanka, abin da ba ya so. Na daina rubuta "lefen ƙane" ko "sunan jika", don abin da ido ya karanta da safe baki yakan furta shi da rana.

Wanda sau ɗaya ya taɓa zuwa, shekara guda da ta wuce, ba na nuna masa na riƙe komai dalla-dalla. Na lura hakan tsoro yake ba mutane, musamman mata, sai ka ga tana tunanin me ya sa wannan ya sa mini ido haka. "Kamar kin taɓa zuwa wurinmu ko?" ya wadatar. Haka abin da na gani a hotunan da masu saye ke sakawa a waya, tunda lambobinsu suna wurina, ba na kawo shi shago sai su suka fara.

Duk da haka harshe yakan zame. Alamomin ba su da wuyar ganewa ga wanda ya taɓa ƙonewa: amsa ta gajarce, ido ya koma kan wanda aka zo tare, a hau gyaran mayafi ko duba waya. Da na ga haka nake sakin maganar nan take in koma kan kaya. In kuma aka ce na rikita su da wasu, sai in ce, "Haka ne, ki yi haƙuri, fuskoki suna yi mana yawa." Wannan jimlar ce Hajiya ta buƙata daga gare ni, ba ta fi ƙarfina ba, na hana ta.

Bayan Ƙaramar Sallah ta shekarar na kira ta na ba ta haƙuri. Ta ce ba komai, ya wuce, an ma ɗaura auren. Takan biyo ta layinmu jefi-jefi, mu gaisa a tsaye, in tambayi gida ta ce lafiya lau. Har yau ba ta sake zama a kujerar shagonmu ba.