Hasken walda: abin da ya sa ciwon ba ya zuwa sai dare

Ni ba ni na riƙe rodin waldar ba ma, ƙarfe kawai nake danne wa abokin aikina yana ɗiga masa walda, duk sanda ya kunna sai in kau da kai, to ashe hasken yana shiga ta gefen ido. Muka tashi lafiya lau. Sai can tsakar dare na farka kamar an zuba min yashi a ido biyun, hawaye kawai, in buɗe ido in kasa, ko hasken waya ba na iya kallo.

Likitan ido ya ɗiga min wani ruwa mai launin ɗorawa ya haska da shuɗin fitila, ya ce siririyar fatar da ke saman baƙin ido ce ta ƙone, duk ta yi ɗigo-ɗigo. Wutar walda tana fitar da hasken altirabayolet wanda ido ba ya gani, kuma ba ya zafi lokacin da yake shiga. Ƙwayoyin fatar nan da ya taɓa ba nan take suke mutuwa ba, sai bayan awa 6 zuwa 12 suke saɓulewa, su bar jijiyoyin da ke ƙarƙashi a buɗe, wajen kuwa cike yake da jijiyoyi, shi ya sa ko ƙifta ido ka yi sai ka ji kamar ana kankare shi. Rana mai ƙarfi ma haka take yi in tana dawowa daga kan ruwa, rairayi ko dusar ƙanƙara.

Abin da ya sauƙaƙa min: ɗaki mai duhu, tsumma mai tsabta da ruwan sanyi a kan ido a rufe, farasitamol, da maganin ɗigawa mai jiƙa ido, sai man ido na kashe ƙwayoyin cuta da ya rubuta min. Ya ce kar in murza. Na roƙe shi ya ba ni maganin kashe zafin da ya ɗiga min, don wallahi cikin minti ɗaya na ji garau, ya hana, wai in ana yawan sa shi yana hana fatar warkewa har ya kai ga gyambo. Lokacin na ji haushi, amma gaskiyarsa.

Fatar da kanta take tofowa cikin awa 24 zuwa 48. In ya wuce haka, ko gani ya ƙi washewa, ko ido ɗaya ne kawai ke ciwo, to a koma asibiti, don ƙila ɓurɓushin ƙarfe ne ya maƙale. Baƙin tabarau kuma ba ya tare hasken waldar lantarki, sai hular walda mai gilas da duhunsa ya kai lamba 10 zuwa sama, wadda ta rufe har gefe, kuma mai riƙe ƙarfen ma sai ya sa.