Buhun da kyamara ba ta iya shiga

Mu shida ne a kamfaninmu, sana'armu zane mai motsi, wanda aka fi sani da katun. Kafin a ɗora alƙalami a kan zane ko ɗaya sai an samu wanda zai ɗauki nauyin aikin, shi ya sa rabin shekarata take ƙarewa a rubuta takardar neman tallafi. A cikin takardar kuwa, ɓangaren bayanin aiki ne yake hana ni barci, domin shi masu tantancewa suke fara karantawa, kuma a nan suke yanke hukunci ko za su ɓata lokaci a kan sauran.

Takardata ta farko, ta neman tallafin fim ɗin koyar da manoma, shafi bakwai na cika da yabon zanenmu: launi, motsi, irin barkwancin jaruminmu. Da aka dawo mini da ita na kai wa malamin da ya koya mini aikin, ina ta cika ina batsewa. Ya karanta shiru, ya ɗauki jan biro ya zagaye kalmar "manomi" duk inda ta fito. Sau uku kacal. Ya ce, "Ɗana, su waɗannan mutanen ba katun suke son saya ba. So suke su ji me manomi zai yi gobe da safe wanda bai yi jiya ba." Har yau da wannan jan biron nake karanta rubutuna.

Bari in nuna da aikin da muka rubuta kan adana amfanin gona. Jerin fim ne mai kashi takwas, kowane kashi minti uku, amma a bayanin ban tsaya ina lissafa su ɗaya bayan ɗaya ba. Kashi guda na ɗauka na baje shi, wato na buhu mai hawa uku, irin wanda masu bincike na Jami'ar Purdue suka fito da shi da sunan PICS. Buhun leda biyu ne masu kauri a ciki, sai buhun saƙa a waje. Idan aka ɗaure shi yadda iska ba ta shiga, ƙwarin da ke cikin hatsin su suke shaƙe iskar oksijin ɗin da ta rage, sai su daina ci da hayayyafa, su mutu ba tare da an zuba magani ba.

Na rubuta abu huɗu da muke son mai kallo ya iya yi da hannunsa bayan minti ukun nan. Ya tabbatar hatsin ya bushe, ta hanyar zuba shi da busasshen gishiri a busasshiyar kwalba ya girgiza, in gishirin ya manne a jikin kwalbar to da sauran danshi. Ya duba ledojin ko akwai huda. Ya matse iska ya ɗaure kowane hawa daban, ba a tattara ukun a ɗaure tare ba. Sannan ya bar buhun a rufe, ya daina buɗewa yana leƙawa. Amfanin rubuta su haka shi ne kowanne ana iya zuwa a gani da ido ko an yi ko ba a yi ba. Wanda ya rubuta "za mu wayar da kan manoma" bai ba mai tantancewa abin da zai riƙe ba.

Akwai tambayar da ba su cika rubutawa ba amma tana ransu: me ya hana a ɗauki bidiyon malamin gona yana bayani, a huta? Amsata ga wannan kashin ta fito daga buhun kansa. Kyamara ba ta iya shiga buhun da aka ɗaure. Zane kuwa yana yanka shi biyu, ya nuna iskar tana raguwa, ƙwaron yana laushi, ya kuma nuna yadda huda ɗaya ƙanƙanuwa take dawo masa da rai. Manomin da ya ga haka ba sai an roƙe shi ya daina leƙa buhu ba. Dalili na biyu shi ne murya. Muna kauce wa rubutu a jikin hoto, kuma ba ma cika nuna bakin mai magana kusa ba, don haka a sauya harshe sai dai a sake ɗaukar murya kawai, zanen yana nan yadda yake.

Sai batun lokaci, inda nake yawan cizon yatsa. Fim yana tafiya da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya, mu kuma muna riƙe kowane zane sau biyu, wato zane 12 a daƙiƙa. Minti uku daƙiƙa 180 ne, in duk motsi ne zane 2,160 ke nan. Na sa wannan lissafin a bayanin da gangan, saboda masu kwaikwayo. Suna nan birjik, su kwafi takardar wani, su yi alƙawarin kashi hamsin cikin wata shida, su ɗauko 'yan tsanan da aka riga aka zana su manna musu murya, hannu bai ma iya ɗaure igiya ba. To a fim ɗin da darasinsa gaba ɗaya ɗaurin bakin leda ne, me ya rage? Kuma su ne suke sa masu ba da tallafi su ɗauka mu masu jan ƙafa ne.

Sakin layin da na fi alfahari da shi na kuskurenmu ne. Kafin mu zuba launi, mukan haɗa zanen fensir da murya mu nuna wa manoma kamar ashirin. A gwajin farko mai zanenmu ya cika fuskar allo da ƙwaro don a ga bakinsa da kyau. Wani dattijo ya kalla ya ce, "Yaro, Allah ya raba mu da wannan, mu namu ƙanana ne." Ya ɗauka wata dabba ce daban, darasin ba nasa ba ne. Muka koma muka fara nuna tafin hannu da hatsi, ƙwaron a kan ƙwaya ɗaya, sannan hoton ya matso a hankali. Abokin aikina ya ce, "Maigida, ka sa wannan a takarda ai tona wa kanmu asiri ne." Na sa shi. Shi ne hujjar makonni biyun gwaji da ke cikin jadawalin kowane kashi, wanda in ba haka ba shi za a fara cewa mu yanke.

Wajen auna sakamako ma ban yi alƙawarin yawan masu kallo ba, domin fim ɗin da ake turawa daga waya zuwa waya babu intanet ba wanda zai iya ƙirga shi da gaskiya, duk da masu kwaikwayon nan miliyoyi suke rubutawa ba kunya. Na rubuta cewa malaman gona za su miƙa wa manomi buhu kafin kallo da bayan kallo su ce ya ɗaure, sannan su koma bayan wata uku su duba buhunan da ke ajiye: ɗauri uku ne ko ɗaya, an buɗe ko ba a buɗe ba.

Daren da zan tura takardar na bi ta layi-layi da kasafi da jadawali a gefe, duk abin da bayanin ya yi alƙawari sai na ga inda ya zauna a cikinsu. A nan na gano na rubuta harsuna huɗu a bayani, jadawalin ɗaukar murya kuma na uku ne. Na gyara, na ɗauko jan biro na ƙirga "manomi". Talatin da ɗaya.