Nasihar da na yi wa ɗalibai ranar walimar sauka

Da Alarammanmu ya ce ni zan yi wa masu sauka nasiha a kan tawali'u, sai na ce, "Allah gafarta Malam, ranar murnarsu ce fa, kada in kashe musu jiki." Ya ce ai shi ya sa. Ranar da yaro ya riƙe allonsa mai zayyana, ya karanta farkon Baƙara a gaban jama'a, dangi suka fara kiransa malam, ranar ce girman kai yake samun ƙofa.

Wajen shiri na lura cewa idan ka ce wa yara "ku zama masu ƙanƙan da kai", kowa zai gyaɗa kai, a tashi babu abin da ya shiga. Sai an nuna musu abin a aikace. Don haka na ɗauko ƙissar da duk sun wanke a allo, ta Annabi Musa da Halliru, a Suratul Kahfi daga aya ta 60 zuwa ta 82. Yawancinsu ba su san mafarinta ba. Ya zo a Bukhari cewa an tambayi Annabi Musa wa ya fi kowa sani, ya ce shi ne, sai Allah ya yi masa gyara don bai mayar da sanin gare Shi ba, ya tura shi mahaɗar tekuna biyu. Na daɗe a kan aya ta 66, inda Manzon da Allah ya yi magana da shi yake neman izini: ko in bi ka, ka koya mini daga abin da aka sanar da kai? Izini ya nema, kuma shi ya yi tattaki, bai aika a kira masa malamin ba.

Daga nan na gwada su. Na karanta "Maliki yaumid dini" ba tare da jan mimun ba, na sake karantawa "Maaliki" da ja, na ce wanne ne daidai? Da Warshu muke karatu, don haka kusan duka suka zaɓi na farko. Wani yaro a sahun gaba har ya ɗaga murya ya ce na biyun kuskure ne. Na ce masa, "Ɗana, karatunka daidai ne, amma wancan ma daidai ne. Naka ruwayar Warshu ce daga Nafi'u, wancan ta Hafsu ce daga Asimu." Ban bari an yi masa dariya ba, na ce ya kyauta da ya faɗi abin da ya sani, saura ya san cewa akwai abin da bai kai gare shi ba tukuna. Wannan ita ce cutar sabon mai sauka: ya bi liman salla, ya ji abin da kunnensa bai saba ba, ya yi caraf ya gyara. Abin da ya dace, in dai saɓanin wasali ne ko ja, ya bari a yi sallama, ya tambaya cikin ladabi wace ruwaya ake karantawa.

Sai dai na ji tsoron kada su ɗauka tawali'u shi ne yin shiru. Cikin ɗalibanmu masu noƙewa sun fi masu taƙama yawa, yaro ya kwana da aya tana yi masa gardama don kunyar komawa gaban malam. Na kawo musu maganar Mujahidu da Bukhari ya ambata, cewa mai kunya da mai girman kai ba sa samun ilimi. Kuma in liman ya tsallake aya da gaske, buɗe masa ake yi, ba rashin ladabi ba ne.

Ƙarshen jawabin na juya ga iyaye, domin sau da yawa daga gida ake kumbura wa yaro kai. Sauka na nufin ya ratsa izu 60, ba ta nufin ya san hukuncin ƙabli da ba'adi, balle rabon gado. Yanzu ne zai zauna ya ɗauki Ahalari da Ishmawi, ga tilawa da take jiran sa kullum. An ruwaito cewa an yi wa Imamu Malik tambayoyi 48, ya ce "ban sani ba" a 32 daga cikinsu. Na roƙi iyaye, idan suka tambayi ɗansu wata mas'ala ya ce bai sani ba, kada su ce, "To me ka je yi makarantar?" Yaron da aka kunyata a kan haka, gobe ƙirƙiro amsa zai yi. Su sa masa albarka, su ce ya tambayo malam ya zo musu da ita.